Gaisuwar safiyar ɗaya ga azumi: Layi uku da ake tura wa maƙwabci da abin da ke ɓata su

Kafin a kira sallar asuba ranar ɗaya ga watan azumi, wayoyin jama'a sun riga sun cika. Akwai hoton jinjirin wata da fitila, akwai doguwar addu'a da aka kwafo daga wani zauren WhatsApp, akwai bidiyon wa'azi na minti bakwai. Yawancinsu ba a buɗe su ma, ana dai zazzage su ne a wuce.

A cikin wannan tarin, saƙon da ake tsayawa a karanta shi ne wanda ya fito daga gidan da ke jikin katanga, wanda ya kira mutum da sunan da aka saba kiran sa a layi. Bai wuce layi biyu ko uku ba, amma yana iya zama dalilin da ya sa wani bai rasa azumin ranar ba, ko kuma dalilin da ya sa gidaje biyu da suka daina gaisawa tun damina suka koma miƙa wa juna kwanon kunu. Haka nan in aka yi kuskuren kalma ɗaya, yana iya zama abin da za a riƙe a zuci har Sallah.

Lokacin turawa ya fi kalmomin muhimmanci

A Najeriya, sanarwar ganin wata tana fitowa ne daga fadar Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar III, wanda shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Ana duba wata ne da yammacin 29 ga Sha'aban, sai rahotanni su taru daga masarautu, kwamitin ganin wata ya tantance, sannan a sanar. Wannan aikin yana cin lokaci, shi ya sa sanarwar kan fito bayan sallar isha'i, wani lokaci dare ya fara yi.

Ke nan a kowace shekara akwai mutanen da barci kan ɗauke kafin su ji. Tsohuwar da ke kwanciya da wuri, direban da ya dawo daga tafiya a gajiye, gwauron da ke ɗakin haya shi kaɗai, gidan da aka ɗauke wuta wayarsu ta mutu. A 2023 an tashi da azumi ranar Alhamis 23 ga Maris, a 2024 ranar Litinin 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar Asabar 1 ga Maris. Ranar tana matsowa da kwana goma zuwa goma sha biyu duk shekara, kuma babu mai tabbacin ta sai daren da aka sanar.

A nan ne gaisuwar maƙwabci take da hukuncin fiƙihu a bayanta. A mazhabar Malikiyya da mafi yawan Hausawa ke bi, ana ƙulla niyyar azumi ne da dare kafin ketowar alfijir, kuma niyya ɗaya a daren farko ta isa ga watan duka matuƙar azumin bai yanke ba. Wanda ya wayi gari bai san an ga wata ba, sai da hantsi ya ji, to zai kame bakinsa har faɗuwar rana saboda alfarmar watan, sannan ya rama ranar bayan Sallah, ko da bai ci komai ba tun asuba. Wannan bayani yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ake karantawa a makarantun zaure.

Saboda haka saƙon da ya isa ƙarfe huɗu da rabi na asuba da wanda ya isa ƙarfe bakwai ba abu ɗaya ba ne. A Kano, farkon watan Maris alfijir kan keto ne wajen ƙarfe biyar da rabi. Saƙon ƙarfe huɗu da rabi ya bai wa maƙwabci kusan awa guda ya ɗumama tuwo, ya sha ruwa, ya yi niyya. Na ƙarfe bakwai gaisuwa ce kawai, in kuma bai ji labari ba, ya zama sanarwar cewa akwai ramuwa a kansa.

Sai dai saƙon waya ba ya tashin mai nauyin barci. Wanda ke zargin maƙwabcinsa bai ji ba, kira ya kamata ya yi ko ya buga ƙofa, kamar yadda masu kiɗan sahur ke zagaya unguwanni tun kafin zuwan waya. Saƙon rubutu na wanda ake kyautata zaton ya farka ne.

Akwai kuma kuskuren gaggawa. A daren 29 ga Sha'aban jita-jita kan riga sanarwa fitowa: an gani a ƙasa kaza, an gani a gari kaza. Mutum ya tura wa maƙwabci barka da azumi, daga baya a ce Sha'aban zai cika talatin. Wanda ya dogara da saƙon ya tashi sahur a banza, ya kuma azumci ranar shakka da malamai suka hana a azumta da sunan rigakafi. Alamar saƙo mai inganci ita ce ya faɗi inda labarin ya fito, misali a ce an ji sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo. A garuruwan bakin iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari abin ya fi buƙatar kula, domin Nijar tana da tata hukumar da ke sanarwa, kuma akan samu shekarar da ƙasashen biyu ba su dace a rana ɗaya ba.

Barka da shan ruwa ba ta safe ba ce

Hausa tana da gaisuwar azumi kala-kala, kuma kowace da lokacinta. Barka da shan ruwa ta bayan magariba ce, lokacin da aka buɗe baki. Duk da haka kowace shekara sai an ga wanda ya turo ta da sassafe, domin ya kwafo ne bai karanta ba. Ya ƙishirwa ta rana ce, daga azahar zuwa la'asar, sa'ad da maƙogwaro ya bushe. Allah ya maimaita mana ta fi dacewa da ranar Sallah, bayan an kammala.

Ta safiyar farko ita ce wadda ke kallon gaba: barka da shigowar wata, Allah ya ba mu ikon azumtar sa, Allah ya nuna mana ƙarshensa lafiya, Allah ya karɓi ibada. Hausawa kan kasa watan gida uku, goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. Safiyar farko tsakiyar marmari ce, ba a fara jajanta wa juna wahala ba tukuna.

Abin da ya fi addu'ar nauyi shi ne kalmar farko, wato yadda aka kira mutum. Saurayi ba zai rubuta wa dattijon layinsu sunansa tsagwaro ba, Baba zai ce ko Alhaji ko Malam, kuma zai yi amfani da jam'i: kun tashi lafiya, Allah ya ƙara muku lafiya. Matan aure kan kira juna da sunan ɗa, Maman wane, sai dai inda ake alkunya da sunan ɗan fari, a can sai a koma ga Hajiya ko Yaya ko laƙabin da aka saba. Saƙon da ya fara da 'yan uwa Musulmi ya riga ya gaya wa maƙwabci cewa ba don shi aka rubuta ba.

Magidanci kuma ba ya tura wa matar maƙwabcinsa gaisuwa kai tsaye, ko da yana da lambarta saboda wata larura ta baya. Gaisuwarsa ta mai gidan ce, sai ya ƙara da a gaida iyali. Ta ɓangaren mata, uwargida ce za ta aika. Saƙon da ya shigo wayar matar aure ƙarfe biyar na asuba daga namijin gidan kusa ya isa ya haifar da tambayar da ba a shirya mata ba, komai kyan niyyar mai shi.

Gidaje biyu da kwata ɗaya

A ɗauki misalin da kusan kowace unguwa ta san irinsa. Magidanta biyu suna jere a layi ɗaya. Da damina ɗayan ya ɗaga dandamalin ƙofar gidansa, ruwan kwata ya koma yana kwanciya a gindin katangar ɗayan. Aka yi musayar kalamai, mai unguwa ya shiga, aka gyara kwatar, amma gaisuwa ba ta dawo ba. Wata shida ana haɗuwa a masallaci, kowa na zaɓen sahun da ɗayan ba ya ciki. Matansu sun daina aiken yara, yaran ma sun gane.

Wanda ya ɗaga dandamalin shi ne ƙarami a shekaru, kuma shi ne ya ɗauki waya bayan sallar asuba ranar ɗaya ga wata. Dalilinsa sananne ne. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Safiyar farko ta azumi tana ba da murfin da sauran ranaku ba su da shi, domin kowa na gaida kowa, babu wanda zai ce an durƙusa masa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya tura masa saƙon neman yafiya da ke yawo, mai cewa duk wanda na saɓa wa da sani ko da rashin sani ya yafe mini. Matsalar ita ce WhatsApp na manna wa irin wannan saƙo alamar Forwarded a samansa tun 2018, in kuma ya yi yawo da yawa ya koma Forwarded many times. Maƙwabcin da aka yi rigima da shi zai ga alamar kafin ya ga kalmomin. Abin da zai fahimta shi ne an jefa shi cikin taron mutum ɗari, an nemi yafiyarsa ba tare da an dube shi ba. Kwafe rubutun a manna yana cire alamar, amma ba ya cire ƙamshin kwafe, domin maƙwabcin ya riga ya ga irinsa sau biyar tun dare.

Hanya ta biyu ita ce ya yi dogon bayani. Ya ce maganar kwata shi ma ba da gangan ya yi ba, magini ne ya ba shi shawara, kuma da an yi masa magana a hankali da ba a kai ga mai unguwa ba. Duk abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya, amma ya mayar da gaisuwa ƙara. Mai karantawa zai fara shirya amsa tun bai kai ƙarshe ba, kuma da bakin azumi.

Abin da ya rage shi ne gajeren saƙo mai ɗauke da abu huɗu: sallama da laƙabi, gaisuwar wata, neman yafiya a jimla ɗaya, da bayanin wanda ya turo.

"Salamu alaikum Malam, barka da asuba. An wayi gari da azumi, Allah ya karɓi ibadarmu. In na saɓa maka a yafe mini. Maƙwabcinka na gidan kusa da famfo."

Jimlar ƙarshe ba ado ba ce. Bayan wata shida na gaba, babu tabbacin lambarsa tana cikin wayar ɗayan har yanzu. Saƙon neman yafiya da aka amsa da wa ke magana ya mutu tun a ƙofa.

Jimla ta uku ita ce mai gardama. In na saɓa maka kalma ce ta sharaɗi, ta dace da maƙwabcin da ba a san an yi masa komai ba. Amma a nan dukansu sun san an saɓa, har mai unguwa ya sani. Barin in ɗin a wurin yana iya zama kamar ana cewa ban ga laifina ba, amma in kai ka gani, to shi ke nan. Gyaran kaɗan ne: abin da ya faru tsakaninmu, a yafe mini. An amsa cewa wani abu ya faru, ba a ambaci kwata ba, ba a raba laifi ba. Wannan jimlar ta fi wuyar rubutawa, kuma ita ce ɗayan zai karanta sau biyu.

Akwai iyakar abin da saƙon zai iya. Idan da ruwan ya zubar da wani sashe na katangar, ko akwai kuɗin gyara da aka yi alkawari ba a biya ba, a yafe mini ba ta sauke wannan. Malamai na bambanta haƙƙin Allah da haƙƙin bayi, kuma dukiyar mutum sai an mayar masa ko ya yafe da bakinsa yana sane da abin da ya yafe. Wanda ake bi bashi ya turo neman yafiya bai ce komai kan kuɗin ba, mai bin sa zai ɗauka wayo ne. A irin wannan hali sai an ƙara jimla ɗaya, cewa maganar kuɗin tana nan, za a shigo bayan tarawihi a yi ta.

Naira shida ko naira goma sha takwas

Ba kowane maƙwabci ke kan WhatsApp ba. Dattawa da yawa ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, wasu kuma suna da babbar amma ba kullum suke da data ba. Ga waɗannan, saƙon tes ne ke isa. Farashinsa ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6 bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda ake ƙirga shafi. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazara da alamomi, matuƙar dukansu haruffan boko ne na gama-gari. Da zarar an sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, ko kuma ɗan hoton wata da tauraro, sai wayar ta sauya tsarin rubutun gaba ɗaya, shafin ya koma haruffa 70. Idan saƙon ya wuce shafi ɗaya, kowane yanki 67 yake ɗauka.

Saƙon mai dandamali da ke sama haruffa 150 ne. Ba tare da lanƙwasa ba shafi ɗaya ne, naira 6. Da lanƙwasa a karɓi da saɓa da maƙwabci, ya zama shafi uku, naira 18. Kuɗin ba shi ne babban abin ba. Wasu tsofaffin wayoyi ba su san waɗannan haruffa ba, sai su nuna ɗan akwati ko alamar tambaya a madadinsu, dattijo ya ga kalmar da ta fi muhimmanci a saƙon ta zama rami. Don haka a tes an fi samun kwanciyar hankali da rubutu marar lanƙwasa, ko da yake saba da saɓa kalmomi biyu ne daban. Jimlar ce ke fayyace wadda ake nufi, kuma babu Bahaushen da zai rikice.

Masu tura gaisuwa ta jerin Broadcast a WhatsApp su ma suna da nasu tarkon. Saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai turawa. Maƙwabcin da ya goge lambar cikin fushi shi ne daidai wanda ba zai samu ba, mai turawa kuma yana can yana ganin ya sauke nauyi.

Ga wanda ba ya karatun boko, ko idonsa ya yi rauni, saƙon murya na daƙiƙa goma sha biyar ya fi kowane rubutu. Murya na ɗauke da ladabin da rubutu ba ya iyawa. Sai dai akan kunna ta a tsakar gida kowa na ji, saboda haka maganar saɓani ko bashi ba ta shiga ciki.

Gaisuwa da roƙon iri

Hausawa na da suna ga gaisuwar da ke ɗauke da buƙata a hammata: gaisuwa da roƙon iri. Watan azumi lokacin rabon gero da sukari da shinkafa ne, kuma mai hali ya san wayarsa za ta cika da barka daga mutanen da bai ji ɗuriyarsu ba tun bara. Wannan ya sa gaisuwar talaka ga maƙwabcinsa mai kuɗi take cikin haɗarin a yi mata mummunar fassara, ko da babu komai a ransa.

Jimla irin ta ga azumi ya zo kuma gari ya yi zafi, ko Allah ya hore mana abin shan ruwa, ita ce ke jawo wannan fassarar. Wanda gaisuwa kawai ya nufa, barin zancen tsada da abinci ya fi masa. Wanda kuma yake da buƙata ta gaske, babu kunya a ciki, amma ya fi mutunci ya raba su: gaisuwa da safe, buƙata a wani lokaci daban kuma a fili.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai rashin dacewa. Mai hali ya tura wa maƙwabcin da ya san ba a ɗora tukunyar sahur a gidansa ba hoton faranti cike da dabino da kankana da nama, an rubuta Ramadan Kareem a ƙasa. Ba mugunta ya nufa ba, bai dai duba ba ne. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Nana A'isha ta tambayi wanne daga maƙwabtanta biyu za ta fara yi wa kyauta, aka ce mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. A irin wannan gida, saƙon da ya dace shi ne mai cewa yaro na nan tafe da ɗan saƙo, kuma yaron ya zo.

Wanda bai ɗauka ba, da gidan da aka yi rashi

Tambayar an ɗauka kuwa wasa ce tsakanin abokai, amma ba ta shiga saƙon maƙwabci. A kowane layi akwai mai ciwon suga da likita ya hana, mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa, mace mai al'ada, da tsohon da ya koma ciyarwa. Shari'a ta ba su uzuri, kuma tambayar na tilasta musu ko dai su yi ƙarya ko su bayyana abin da ba su so a sani. Addu'ar Allah ya karɓi ibada ta game kowa, domin mai uzuri ma yana da ibadarsa a watan.

Gidan da aka yi rasuwa cikin shekarar ya fi kowane buƙatar a tsaya a yi tunani. Sahur ɗin farko shi ne lokacin da gurbin mamaci ke fitowa fili, wurin da yake zama, kofin da yake shan shayi. Matar da ke cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tana gida ba ta zuwa tarawihi ko tafsiri inda za ta haɗu da mutane. Hoton fitilu da murnar shigowar wata bai dace da ita ba. Abin da maƙwabciyarta za ta rubuta bai wuce haka ba: Hajiya an tashi lafiya, ya ƙarin haƙuri, Allah ya kai rahamar wannan wata kabarin Malam. Ambaton mamacin ba fama ciwo ba ne, domin da shi ta kwana a rai.

A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano, sau da yawa maƙwabci Kirista ne ke fara turo gaisuwar. Yana iya rubuta barka da Sallah a maimakon barka da azumi. Ba wurin gyara ba ne, godiya da gaisuwar iyali ita ce amsarsa.

Akwai kuma wani saƙo da ke dawowa duk shekara, mai cewa duk wanda ya fara sanar da wani shigowar Ramadan an haramta wa wuta cin sa. Malaman hadisi sun bayyana cewa ba shi da asali. Banda haɗarin jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba, saƙon yana gaya wa maƙwabci cewa ladan kai aka nema da shi, ba lafiyarsa aka tambaya ba.

Idan ba a amsa ba

Mai dandamali ya tura saƙonsa ƙarfe shida da kwata. Alama biyu sun fito, sun koma shuɗi, amsa ba ta zo ba. A nan ne mutane da yawa ke ɓata abin da suka gyara, su sake turo wani suna cewa na ga ka karanta, ko su goge na farkon, ɗayan ya tarar da rubutun This message was deleted a wurin da neman yafiya yake.

Shiru a safiyar farko ba ya nufin an ƙi. Mutane da yawa kan koma barci bayan asuba, wasu sun buɗe saƙon ido biyu-biyu. Dattijo kuma yana iya ganin cewa maganar wata shida ba a rufe ta da rubutu, yana jiran a haɗu. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma aikin saƙon a nan bai wuce ya sauƙaƙa zuwan ba, yadda in an haɗu a ƙofar masallaci da azahar ba za a rasa ta inda za a fara ba. Mai turawa shi ne zai fara miƙa hannu, tunda shi ya buɗe maganar.

Amsar da aka fi dogara da ita kan zo ne da yamma. Wajen ƙarfe shida, lokacin ciyayya, uwargidan mai dandamali za ta zuba kunun tsamiya a jug, ta sa ƙosai a kwano, ta ba yaro ya kai gidan. Idan aka karɓa aka juye aka dawo da kwanon, an ji saƙon. Idan kwanon ya dawo da wani abu a ciki, ko dabino bakwai ne ko 'yar soyayyar doya, to maganar kwata ta wuce. Idan aka ce wa yaron ya koma da shi, saƙon waya ya gama iya nasa, sai a nemi limamin layi ko dattijon da dukansu biyu ke jin nauyi, tun goman farko ba su ƙare ba.